Tsokaci 44 a Kan Maƙalu 3: Yadda Wata Ɗaliba Ta Gano Raunin da Ke Bin Rubutunta

Wata ɗaliba da ke shekara ta biyu a jami'a, a fannin nazarin harshe, ta zo wurina a tsakiyar zangon karatu riƙe da maƙalu 3 da aka duba aka mayar mata. Ta ajiye su a kan tebur ta ce: "Malam, duk abin da aka ce in gyara na gyara, amma makina ya ƙi motsawa." Maƙalar farko ta sami maki 54 cikin 100, ta biyu 57, ta uku kuma 55. Malamai biyu ne suka duba su: wani malami ya duba ta farko da ta uku, wata malama kuma ta duba ta biyu. Ni ba na cikin waɗanda suka ba ta makin, aikina shi ne ba ɗalibai shawara kan karatunsu. Abin da ya sa na ga ya dace in rubuta wannan lamari shi ne ɗalibar ba malalaciya ba ce, ba kuma irin waɗanda ke duba maki su cusa takarda cikin jaka ba ce. Tana karanta sharhin malamai, tana kuma aiki da shi iyakar fahimtarta, amma duk da haka rubutu uku a jere suka tsaya wuri ɗaya.

Da na tambaye ta abin da take ganin shi ne matsalarta, ba ta yi wata-wata ba ta ce ƙa'idojin rubutu ne, domin a can ne jan biro ya fi yawa. Na tambaye ta yadda take amfani da takarda idan an mayar mata, sai ta ce takan fara duba maki, sannan ta bi shafi-shafi tana gyara kowace kalmar da aka ja wa layi a cikin kwafin da ke kwamfutarta, daga nan ta rufe ta shiga aiki na gaba. Wannan hanya tana da amfani kaɗan, amma tsohuwar maƙala take gyarawa, wadda ba wanda zai sake dubawa. Sabuwar maƙalar tana zuwa da sabuwar tambaya da sababbin jimloli, don haka gyaran da aka yi wa jimla ta huɗu a shafi na biyu ba shi da inda zai sauka a cikinta. Ɗabi'ar marubuci ce ke ƙetarawa daga wata maƙala zuwa wata, ita kuwa ba a ganinta a takarda ɗaya, sai an jera takardu an duba abin da ya haɗa su.

Batun fara duba maki ma ba ƙaramin abu ba ne. A wani bincike da Ruth Butler ta wallafa a 1988, an raba yara 'yan makaranta zuwa rukunoni: wasu aka ba su maki kawai, wasu sharhi kawai, wasu kuma maki haɗe da sharhi. Waɗanda suka sami sharhi kawai su ne aikinsu ya inganta, alhali waɗanda suka sami duka biyun ba su bambanta sosai da masu maki kawai ba, wato maki ya danne sharhin. Yara ne aka yi binciken a kansu, ba ɗaliban jami'a ba, amma abin da nake gani a ofishina yana tafiya da shi: wanda ya fara ganin 55 yakan karanta sauran rubutun malami a matsayin hujjar hukuncin da aka yanke masa, ba ya karanta shi a matsayin bayanin abin da zai yi gobe. Saboda haka na roƙe ta ta tafi da takardun, ta bar su kwana biyu, ta rufe makin da 'yar takarda, sannan ta yi aikin da zan bayyana.

Tattara tsokaci a wuri ɗaya

Aikin farko mai sauƙi ne amma yana cin lokaci. Ta zana jadawali mai gida huɗu. A gidan farko ta kwafe kowane tsokaci kalma da kalma kamar yadda malami ya rubuta shi, har da alamar tambaya da layin da aka ja ba tare da an ce komai ba. A gida na biyu ta rubuta wurin da ya faɗa, wato wace maƙala, wane sakin layi. A gida na uku ta kwafo jimlarta da ta jawo tsokacin. Gida na huɗu kuma na ce ta bar shi fanko har mu zauna tare. Na nace a kan gida na uku domin tsokaci ba tare da jimlar da ta haife shi ba ba ya nufin komai: kalmar "dishi-dishi" a gefen takarda tana iya nufin kalma ɗaya ba ta dace ba, tana kuma iya nufin sakin layin gaba ɗaya ba shi da alƙibla.

Ta dawo da tsokaci 44. Daga cikinsu 23 sun shafi ƙa'idojin rubutu, 7 sun shafi yadda ake rubuta madogara da manazarta, 14 kuma sun shafi abin da ta faɗa da yadda ta tsara shi. Idan aka tsaya a ƙirga, ita ce da gaskiya: fiye da rabin jan biron yana kan ƙa'idojin rubutu. Sai na ce ta ɗauko takardar rabon maki da aka maƙala a bayan maƙala ta uku, wadda ta yarda cewa ba ta taɓa karantawa ba bayan jimillar da ke ƙasa. An ware wa nazari da muhawara maki 40, ta sami 18. An ware wa amfani da hujjoji 25, ta sami 15. Tsari yana da 20, ta sami 11. Harshe da madogara suna da 15, ta sami 11. Maki 45 ta rasa gaba ɗaya, kuma 4 ne kacal daga cikinsu suka zube a wurin da ta shafe wata uku tana gyarawa, alhali 22 sun zube a wurin nazari. Ko da ta wayi gari ba ta kuskuren harafi ko ɗaya, makinta ba zai wuce 59 ba.

Dalilin da ya sa ƙirga ke yaudarar ɗalibi a fili yake ga duk wanda ya taɓa duba tarin takardu. Ja wa kalma layi ba ya cin ko daƙiƙa biyu, amma bayyana wa ɗalibi dalilin da ya sa muhawararsa ba ta tsaya da ƙafafunta ba yana buƙatar minti biyar da jimloli da yawa, malamin da ke da takardu 80 a gabansa kuwa sau da yawa sai ya taƙaita wannan bayani zuwa kalma biyu. Don haka babban rauni yakan sami gajeren tsokaci, ƙaramin rauni ya sami jan biro mai yawa. Nancy Sommers, a nazarin da ta yi na sharhin malaman jami'a 35 wanda aka wallafa a 1982, ta nuna cewa yawancin irin wannan sharhi na gama-gari ne, ana iya ɗauke shi daga wata takarda a ɗora wa wata, kuma malamai sukan haɗa umarnin gyara waƙafi da umarnin sake gina sakin layi a wuri ɗaya ba tare da sun nuna wanne ya fi nauyi ba. Ban kawo wannan don in zargi malaman da suka duba aikinta ba, domin ni ma na yi irin haka ba sau ɗaya ba. Na kawo shi ne don ɗalibi ya san cewa aikin auna nauyin kowane tsokaci yana wuyansa, kuma takardar rabon maki ita ce ma'auninsa.

Tsokaci 11 da suka zama ɗaya

Yawancin zamanmu ya tafi ne a kan tsokaci 14 na ƙarshe. Malamin farko ya rubuta "To, sai me?" sau uku a maƙala ta farko da sau biyu a ta uku. A ƙarshen ta farko ya ce "bayani ya yi yawa", a ƙarshen ta uku kuma ya ce "ba ki amsa tambayar ba". Malamar da ta duba ta biyu ba ta yi amfani da ko ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi ba. Ita ta rubuta "ina muryarki?" sau biyu, da "wannan taƙaitawa ce", da "haɗa wannan da sakin layin da ya gabata". Ɗalibar ta ɗauki waɗannan a matsayin ƙorafe-ƙorafe daban-daban, kuma ta yi wa kowanne magani daban. Da aka ce bayani ya yi yawa sai ta rage tsawon maƙala ta biyu. Da aka ce ina muryarki sai ta ƙara "a ganina" a wurare huɗu cikin ta uku, abin da ya jawo mata wani sabon tsokaci cewa ta rage faɗin haka. Shi kuwa "To, sai me?" ta ce ba ta san abin da za ta yi da shi ba, sai ta bar shi.

A nan gida na uku ya yi aikinsa. Na ce ta karanta da ƙarfi jimlolinta da suka jawo waɗannan tsokaci, a jere, ba tare da ta dubi abin da malamai suka rubuta ba. Tambayar maƙala ta uku ita ce ko yawan aron kalmomi daga wasu harsuna yana raunana harshe ko yana ƙarfafa shi. Ɗaya daga cikin sakin layinta ya fara da sunan wani masani, ya ce masanin ya raba kalmomin aro gida biyu, waɗanda harshe ya aro domin ba shi da su da waɗanda ya aro alhali yana da nasa, ya kawo misalai uku na kowane gida, ya ƙare. Sakin layin da ke biye ya fara da sunan wata masaniya, ya ce ita tana ganin harshe yakan sauya furucin kalmar da ya aro ta dace da tsarinsa, ya kawo misalai, ya ƙare. Kafin ta kai jimla ta shida sai ta tsaya ta ce: "Malam, duk iri ɗaya ne. Wane ya ce, wance ta ce, shi ke nan."

Domin mu tabbatar ba zato muke yi ba, mun yi wani gwaji da nake ba kowane ɗalibi shawarar yi. Ta bi maƙala ta uku sakin layi bayan sakin layi, tana rubuta a gefe, cikin jimla ɗaya, abin da kowanne yake tabbatarwa game da tambayar da aka yi. Sharaɗin shi ne jimlar ta ƙunshi kalmar "raunana" ko "ƙarfafa", tunda a kansu tambayar take. Cikin sakin layi 12 na tsakiyar maƙalar, 3 kawai ta iya rubuta wa irin wannan jimla. Sauran 9 abin da za a iya cewa a kansu kawai shi ne "wannan yana magana a kan ra'ayin wane". Ta maimaita gwajin a kan maƙalu biyu na farko, sakamakon bai yi nisa da wannan ba. Daga nan ta cike gida na huɗu da kalmominta, kuma a gaban tsokaci 11 cikin 14 jimla ɗaya ta rubuta: ina faɗin abin da marubuta suka ce, ba na faɗin abin da hakan ke nunawa game da tambayar. Sauran ukun kuwa biyu a kan tsawon gabatarwa suke, ɗaya kuma shi ne na "a ganina", wanda shi ma daga wannan tushe ya tsiro.

Rubuta raunin da kalmomin ɗalibi, a matsayin wani abu da yake aikatawa, yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Da ta rubuta "ba ni da nazari", da ba ta ƙaru da komai ba, domin wannan suna ne kawai na abin da babu. Jimlar da ta rubuta kuwa tana nuna aikin da take yi da aikin da take tsallakewa, kuma ana iya ɗaukar kowane sakin layi a gwada shi da ita. D. Royce Sadler ya bayyana a 1989 cewa sharhi ba ya amfanar ɗalibi sai abu uku sun haɗu: ya san yadda aiki mai kyau yake, ya iya gwada nasa da shi, ya kuma ɗauki matakin da zai cike giɓin da ke tsakani. Ɗalibar nan tana da niyyar na uku tun farko, na farko da na biyun ne ba ta da su.

Inda raunin ke shigowa

Sanin sunan rauni bai isa ya hana shi dawowa ba, domin ba a lokacin rubuta jimla yake shigowa ba. Na tambaye ta yadda take shirya maƙala daga ranar da aka ba da tambaya zuwa ranar miƙawa. Ta ce takan karanta litattafai da muƙalu biyar ko shida, ta ware wa kowanne shafi ɗaya a littafin rubutunta, ta taƙaita abin da ya ce. Idan ya rage kwana biyu sai ta buɗe littafin ta fara rubutu daga shafin farko. Da ta buɗe littafin muka gwada shi da maƙala ta uku, sai ga shi jerin sakin layinta shi ne jerin shafukan littafin, marubucin da ta fara karantawa shi ne na farko a maƙalar. Wato tun kafin ta rubuta kalma ɗaya, yadda ta tsara bayanan karatunta ya riga ya yanke siffar maƙalar. Wannan shi ma ya bayyana dalilin makin tsari, 11 cikin 20, da tsokacin malamar na "haɗa wannan da sakin layin da ya gabata": sakin layin ba su da abin da ya haɗa su sai dai an karanta su a mako ɗaya.

Saboda haka gyaran da muka amince da shi a wurin shiri yake, kuma abu biyu ne kawai. Na farko, bayan ta gama karatu, kafin ta fara daftari, ta rufe littafin ta rubuta amsar tambayar cikin jimla ɗaya wadda wani zai iya musantawa, sannan ta rubuta dalilai uku ko huɗu da suka sa ta faɗi haka, ta ba kowane dalili shafinsa, ta kwaso abin da marubuta suka ce ta zuba shi ƙarƙashin dalilin da ya shafa. Marubuci ɗaya yana iya bayyana a shafuka uku, wani kuma ba zai bayyana ko kaɗan ba, kuma babu laifi a cikin hakan. Na biyu, idan daftari ya kammala, ta yi masa gwajin jimla ɗaya a gefen kowane sakin layi kafin ta miƙa, ba bayan an mayar mata ba. Wannan yana nufin ta gama daftari aƙalla kwana biyu kafin ranar miƙawa.

Mun gwada a kan tsohon sakin layin nan na rabe-raben kalmomin aro. Da ta sake rubuta shi sai ya fara da cewa amsar tambayar ta dogara ne a kan irin aron da ake magana a kai, domin kalmar da aka aro don sabon abu tana ƙara wa harshe abin da zai iya faɗa, wadda kuwa ta ture kalmar gida ita ce za a iya cewa ta rage wani abu. Sai ta kawo masanin da rabe-rabensa a matsayin hujja, ta bar misalai biyu cikin shida, ta ƙare da cewa duk wanda ya ce aro yana raunana harshe dole ne ya nuna cewa kashi na biyu ya fi yawa. Bayanan da ke ciki ba su sauya ba, tsawon ma ya ragu, kuma babu "a ganina" ko ɗaya, amma mai karatu ya san matsayinta. Ta gane da kanta cewa abin da malamar ke nufi da murya ke nan.

Ƙa'idojin rubutu ba su ci mana lokaci ba. Da ta jera 23 ɗin sai ta ga 15 daga cikinsu kuskure ɗaya ne, wato haɗa kalmomin da ake rabawa: "shine" a maimakon "shi ne", "itace" a maimakon "ita ce", "baya" a maimakon "ba ya". Biyar dogayen jimloli ne da aka jona da waƙafi a inda ya kamata a sa aya, uku kuma kuskuren bugu ne. Maganin na farko shi ne ta yi amfani da wurin neman kalma a manhajar rubutu ta binciki waɗannan 'yan kalmomi ɗaya bayan ɗaya kafin ta miƙa, aikin da bai wuce minti goma ba. Madogara kuma na ce ta ajiye takardar ƙa'idar sashensu a gefenta ranar ƙarshe ta bi ta layi-layi.

Akwai gargaɗi ɗaya da na yi mata a nan. A maƙala ta biyu alamun gyaran ƙa'idojin rubutu sun tsaya cak a shafi na biyu, ita kuma ta ɗauka sauran shafukan lafiya lau suke. Da ta duba sai ta sami irin kuskuren nan sau tara a shafukan da ba a taɓa ba. Malamai da yawa sukan nuna kuskure a farko su bar wa ɗalibi ya nemo sauran, don haka rashin jan biro a wuri ba shaidar rashin kuskure ba ne, kuma jadawalin da aka gina a kan tsokaci kaɗai yana nuna abin da malami ya zaɓa ya faɗa ne, ba duk abin da ke cikin takardar ba.

Tsokacin "ba ki amsa tambayar ba" ya rage mata ɗan shakku, sai na ce ta je wurin malamin da kanta, amma da tambaya takamaimiya. Ta tafi da tsohon sakin layin da sabon, ta ce masa: "Malam, wannan na biyun shi ne abin da kake nema, ko akwai saura?" Ya karanta ya ce hanyar ke nan, amma ta kula, ta faɗi cewa wasu kalmomin aro suna ture na gida ba tare da ta nuna ko ɗaya da aka ture ba. Ta gaya mini wannan magana, kuma na yarda cewa a lokacin ban ba ta nauyin da ya kamata ba, domin hankalina yana kan murnar cewa ta gano babban raunin.

Maƙala ta huɗu da ta biyar

Maƙala ta huɗu ta dawo da maki 58, kuma ta shigo ofishina ranta a ɓace, tana ganin duk wahalar nan maki uku ta haifar. Amma takardar rabon maki ta nuna wani abu daban. Nazari ya tashi daga 18 zuwa 24, tsari ya zama 12, harshe 12, hujjoji kuwa sun faɗo daga 15 zuwa 10. Ba a rubuta "To, sai me?" ko sau ɗaya ba. A madadinsa an rubuta "ina hujja?" sau biyar. Abin da ya faru shi ne tsoron taƙaita maganar wasu ya sa ta kusan fitar da marubutan gaba ɗaya, ta cika sakin layi da iƙirarin da ba su da madogara, wato daidai abin da malamin ya hango. Wannan yakan faru ga wanda ke gyaran tsohuwar ɗabi'a, ya zarce zuwa ɗaya gefen, kuma idan jimillar maki kawai ya duba sai ya yanke cewa gyaran bai yi aiki ba ya koma gidan jiya. Hanyar gane bambancin ita ce a duba ko tsohon tsokacin ya ɓace, a kuma duba ko sabon da ya bayyana ɗan gyaran ne ko baƙo ne. Nata ɗan gyaran ne, don haka ba mu sauya hanya ba, ƙari ɗaya muka yi wa gwajin gefen takarda: bayan ta rubuta abin da sakin layi ke tabbatarwa, ta ja layi ƙarƙashin jimlar da ke ɗauke da hujjarsa, ko misali ne ko maganar masani da madogararta, duk sakin layin da ba a sami abin ja wa layi a cikinsa ba kuwa bai gama ba.

Maƙala ta biyar ta sami 67: nazari 26, hujjoji 16, tsari 13, harshe 12. Ba zan ce jadawalin ne kaɗai ya kawo wannan ba, domin batun ta biyar ya fi mata sauƙi, kuma malamar da ta duba ta biyu ce ta duba ta, malamai kuwa ba hannunsu ɗaya ba wajen ba da maki. Abin da na fi dogara da shi shi ne gwajin da ta yi da kanta kafin ta miƙa: cikin sakin layi 11, guda 9 sun ci gwajin a daftarin farko, biyun da suka faɗi kuma ta gyara su kafin kowa ya gani. Tsokacin da suka dawo guda 8 ne, ta ƙara su a jadawalin. Uku daga cikinsu suna cewa ba ta kawo ra'ayin da ya saɓa wa nata ba, kuma da ta koma kan maƙala ta huɗu ta sami wata alamar tambaya a gefen kammalawarta wadda ta bar gida na huɗunta fanko domin ba ta gane ta ba a lokacin. Ta rubuta jimla ɗaya a gaban duka huɗun, ta kuma ƙara shafi na biyar a shirin maƙala ta shida, wanda ta ware wa hujja mafi ƙarfi da wani zai kawo don ya rushe amsarta.